Harbi ko bambanci? Tambayoyi da amsoshi kan warware lissafin iyaka biyu

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibanmu Hausawa masu karatun injiniya da lissafi a Jidda da Makka da Zahran suka fi yawan kawowa idan aka zo darasin warware lissafi da kwamfuta. Na tattara su wuri ɗaya, na kuma riƙe misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe, domin mai karatu ya ɗauki kalkuleta ya bi lambobin da kansa.

Malam, mene ne lissafin iyaka biyu, kuma me ya raba shi da wanda muka saba?

Wanda kuka saba shi ne a ba ka komai a wurin farawa: ƙimar y da gangararta y' duk a x = 0. Daga nan sai ka yi ta taku gaba da hanyar Euler ko ta Runge-Kutta. A lissafin iyaka biyu kuwa, an raba maka bayanin gida biyu. An faɗa maka ƙimar y a wannan baki, an faɗa maka ƙimarta a wancan baki, amma ba a faɗa maka gangarar farko ba. Ba ka da abin da za ka fara taku da shi.

Ga misalin da za mu riƙe. Sandar jan ƙarfe ce mai tsawon mita 1 da kauri santimita 2.5, an ajiye ta a iskar Jidda ta rani, mu ce digiri 40. Baki ɗaya yana manne da abu mai zafin digiri 140, ɗaya bakin kuma an riƙe shi a digiri 40. Idan θ ita ce yawan zafin da sandar ta ɗara iska da shi, to:

θ'' = m²θ, θ(0) = 100, θ(1) = 0

Ita m² tana fitowa ne daga 4H/(kD), inda H ke nuna saurin da iska ke kwashe zafi, k saurin da zafi ke ratsa ƙarfen, D kuma kauri. Da H = 10, k = 400, D = 0.025, za a sami m² = 4, wato m = 2. Na zaɓi wannan misali ne saboda an san amsarsa ta gaskiya: θ = 100·sinh(2(1−x))/sinh(2). A tsakiyar sanda θ = 32.4027. Da wannan lamba za mu riƙa auna kowace hanya.

Yaya hanyar harbi take aiki?

Kamar yaro mai danƙo ne: ya harba ya wuce sama, ya sake harbawa ya faɗi ƙasa, sai ya gyara hannu tsakanin biyun. Ka yi hasashen gangarar farko, ka kira ta s. Yanzu kana da θ(0) da θ'(0), don haka ka taka har zuwa x = 1 ka ga inda ka sauka. Tazarar da ke tsakanin inda ka sauka da inda ake so ka sauka ita ce F(s), kuma aikinka shi ne nemo s da za ta mai da F(s) sifili.

A sandarmu, harbi da s = −100 yana sauka a θ(1) = 194.877. Ya yi sama da yawa. Harbi da s = −300 yana sauka a −167.809. Ya yi ƙasa. Ja miƙaƙƙen layi tsakanin waɗannan biyun, ka duba inda ya ratsa sifili:

s = −100 − 200 × 194.877/362.686 = −207.463

Wannan ita ce gangarar gaskiya, ba kusa da ita ba. Dalili kuwa shi ne ikweshan ɗinmu miƙaƙƙe ne, θ ba ta da sukwaya, ba ta cikin wani sin ko exp, saboda haka wurin sauka yana canjawa da s a kan miƙaƙƙen layi: θ(1) = 376.220 + 1.81343·s. Harbi biyu sun wadatar, na uku don fitar da amsar ne kawai. Idan ikweshan ba miƙaƙƙe ba ne, sai an yi ta maimaitawa, za mu zo kansa.

Ita kuma hanyar bambanci fa?

Ita ba ta taku daga baki zuwa baki. Tana yanka sandar gida n daidai wa daida, kowane yanki tsawonsa h, ta sa ɗigo a kowace mahaɗa, sannan ta nemi ƙimar dukkan ɗigogin a lokaci ɗaya. A kowane ɗigo na ciki ana musanya θ'' da bambancin maƙwabta:

θ'' ≈ (θᵢ₋₁ − 2θᵢ + θᵢ₊₁)/h²

Idan aka sa wannan a ikweshan ɗinmu, kowane ɗigo zai ba da layi ɗaya: θᵢ₋₁ − (2 + m²h²)θᵢ + θᵢ₊₁ = 0. Da h = 0.25, m²h² = 0.25, muna da ɗigogi uku da ba mu sani ba:

100 − 2.25θ₁ + θ₂ = 0
θ₁ − 2.25θ₂ + θ₃ = 0
θ₂ − 2.25θ₃ + 0 = 0

Amsa: θ₁ = 58.957, θ₂ = 32.653, θ₃ = 14.512. Ka lura cewa 100 da 0 sun shiga lissafin tun daga farko, kowanne a layinsa. Babu hasashe ko ɗaya. Kuma tunda kowane layi ɗigogi uku kawai yake taɓawa, matiriks ɗin layuka uku ne a karkace, sauran duk sifili, ana warware shi da hanyar Thomas cikin aikin da bai wuce ninkin n ba. Ɗigo miliyan ɗaya ba komai ba ne a wurin kwamfutar hannu.

Idan aka ce hanya tana kusantar amsa, me ake nufi? Littattafai suna rikita ni a nan.

Suna rikitarwa saboda abubuwa biyu ne daban ake kira da suna ɗaya, kuma a nan ne na fi ganin ɗalibai suna zubar da maki.

Na farko shi ne kusanta ta maimaitawa: kana gyara s, F(s) tana raguwa, har ta kai 10⁻¹². Wannan yana gaya maka cewa ka warware lissafin da kwamfuta ta ɗora a madadin na gaskiya. Na biyu shi ne kusanta ta rage h: shin lissafin madadin nan yana matsowa kusa da na gaskiya idan aka ƙanƙanta taku? Na farko ba ya tabbatar da na biyu ko kaɗan. Kana iya harbi da takun Runge-Kutta da h = 0.5, ka sauka a kan sifili cif a x = 1, F ta zama sifili, amma tsakiyar sandar ta ba ka 32.939 maimakon 32.403. Bakin ƙarshe ya yi daidai domin kai ka tilasta shi, tsakiya kuwa tana ɗauke da kuskuren takun da ka yi.

Saboda haka idan ɗalibi ya nuna mini allon kwamfutarsa ya ce “Malam, ta kusanta”, abin da nake tambaya shi ne: da h nawa, kuma me ya faru da ka raba h biyu?

To, yaya kowacce take kusanta idan aka rage h?

Hanyar bambanci tana da daraja ta biyu. Idan ka buɗe θᵢ₊₁ da θᵢ₋₁ da jerin Taylor ka haɗa su, abin da ya rage bayan θ'' shi ne (h²/12)·θ'''' da ƙananan da ke binsa. Kuskure yana tafiya da h², wato raba h biyu zai raba kuskure huɗu. Ga abin da sandarmu ta bayar a tsakiya:

h = 0.5: θ = 33.3333, kuskure 0.9306
h = 0.25: θ = 32.6531, kuskure 0.2504
h = 0.125: θ = 32.4665, kuskure 0.0638

Raba na farko da na biyu, 3.72. Raba na biyu da na uku, 3.92. Yana tunkarar 4 kamar yadda aka yi alkawari.

Hanyar harbi ba ta da daraja ta kanta, tana gadon darajar abin da ka yi taku da shi. Ka taka da Euler, daraja ta ɗaya. Ka taka da Runge-Kutta mai matakai huɗu, wadda Kutta ya wallafa a 1901, daraja ta huɗu, raba h biyu zai raba kuskure kusan 16. A sandarmu:

h = 0.5: θ = 32.9392, kuskure 0.536
h = 0.25: θ = 32.4240, kuskure 0.0213
h = 0.125: θ = 32.4038, kuskure 0.0010

A nan ninkin ya fito 25, sannan kusan 20. Kada wannan ya dame ka: h ba ta yi ƙanƙantar da sashen h⁴ zai rinjayi sauran ba tukuna, idan ka ci gaba da rabawa zai sauko zuwa 16. Abin lura shi ne da taku takwas kacal, harbi ya fi bambanci daidaito kusan sau sittin.

Wanda yake son gwada ɓangaren bambanci, ga shi, ya riƙa ninka n biyu:

```python
import numpy as np
m, n = 2.0, 8
h = 1/n
A = (-(2 + (m*h)**2)*np.eye(n-1)
     + np.eye(n-1, k=1) + np.eye(n-1, k=-1))
b = np.zeros(n-1); b[0] = -100
print(np.linalg.solve(A, b)[n//2 - 1])
```

Ashe ke nan harbi ya fi, tunda darajarsa ta huɗu ce?

A wannan sanda, e. Amma canja sandar ka gani.

Ɗauki siririyar waya ta ƙarfe marar tsatsa, kauri kamar milimita 1.6, k kusan 16, tsawo mita 1 kamar dā. Yanzu m ta kai kusan 40. Ikweshan bai canja kama ba, iyakoki ba su canja ba. Amsar gaskiya ma mai sauƙi ce: zafi yana faɗuwa kamar 100·e^(−40x), kafin a yi santimita 15 ya kusa ƙarewa, sauran wayar duk tana daidai da iska.

Matsalar ita ce θ'' = m²θ tana da amsoshi iri biyu a cikinta, e^(−mx) mai raguwa da e^(+mx) mai hauhawa. Amsar da muke nema kusan duk mai raguwar ce. Amma duk wani ɗan kuskure a cikin s, ko a cikin kowane taku, yana shuka ƙwayar mai hauhawar, ita kuma tana ninkuwa har zuwa ƙarshen waya. Ana iya auna wannan daidai: idan s ta motsa da 1, wurin sauka yana motsawa da sinh(m)/m. Da m = 2 wannan 1.81 ne, lambar da muka gani a sama. Da m = 20 ya kai kusan miliyan 12. Da m = 40 ya kai kusan 2.9 × 10¹⁵.

Yanzu duba abin da wannan ke nufi a cikin na'ura. Gangarar da ake nema tana kusa da −4000. Kwamfuta tana riƙe lamba da alƙaluma kusan 16, kuma a kusa da 4000 tazarar da ke tsakanin lamba da maƙwabciyarta ita ce 4.5 × 10⁻¹³. Babu wata lamba a tsakaninsu da na'urar za ta iya rubutawa. Ninka wannan da 2.9 × 10¹⁵, za ka sami kusan 1,300. Wato mafi ƙanƙantar gyaran da za ka iya yi wa s yana kawar da wurin sauka da digiri 1,300, alhali duk lissafin bai wuce digiri 100 ba. Rage h ba zai cece ka ba, sauya Runge-Kutta da wadda ta fi ta daraja ma haka. Daraja ta huɗu tana cewa kuskure bai wuce C·h⁴ ba, amma ba ta ce C ƙarama ce ba, kuma a hanyar harbi C tana girma kamar e^(mL), inda L ke nufin tsawon sanda.

Hanyar bambanci ba ta san wannan damuwa ba. Lambar tsakiya a kowane layi, 2 + m²h², ta fi jimlar maƙwabtanta biyu, kuma ƙaruwar m ƙara mata rinjaye take yi. Bakin ƙarshe yana riƙe da amsar tun daga farko, don haka mai hauhawar ba ta samun damar tashi. Da h = 0.01, ɗigon farko yana ba da 67.21, na gaskiya 67.03. Ko da ka yi ganganci ka sa h = 0.1, za ka sami 5.57 a maimakon 1.83: kuskure ne babba, amma amsar tana nan tsakanin 0 da 100, tana raguwa kamar yadda zafi ke yi, kuma rage h zai gyara ta.

Shi ya sa nake cewa kafin ka rubuta layi ɗaya na kod, ka lissafa mL. Idan bai wuce 5 ko 10 ba, harba abinka. Idan ya tunkari 30, kada ka fara.

Ta yaya zan gane harbina ya lalace, idan ban san amsar gaskiya ba?

Alamun a bayyane suke. Zana amsar: za ka ga ta bi hanya lafiya har wajen kashi biyu cikin uku na tsawo, sannan wutsiyarta ta yi sama ko ƙasa kamar an fizge ta. Buga s da F(s) a kowane zagaye: s ta daina canjawa sai a alƙalami na goma sha biyar, amma F tana tsalle daga ɗaruruwa masu alamar ƙari zuwa ɗaruruwa masu alamar ragi. Wani lokaci kuma `overflow` ko `nan` za ka gani kawai. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka motsa s da ɗan kaɗan, ka raba canjin F da canjin s. Idan lambar ta kai 10¹⁰, to ka riga ka yi asarar alƙaluma kusan goma cikin goma sha shida.

Akwai maganinsa?

Akwai. A yanka tsawon gida-gida, a yi harbi dabam a kowane yanki, sannan a tilasta ƙima da gangara su haɗu a kowace mahaɗa. Wayarmu idan aka yanka ta gida goma, kowane yanki yana da mL = 4, ninkuwar kuskure e⁴ ce, kusan 55, ba e⁴⁰ ba. Farashinsa shi ne abubuwan da ba a sani ba sun ƙaru, sai an warware su tare a matiriks. Idan ka yi ta ƙara yankuna har kowanne ya zama taku ɗaya, ka dawo gidan hanyar bambanci ke nan.

Harbi daga ɗaya bakin yana taimakawa a wasu lissafai, kuma a wayarmu ma zai yi, domin idan ka taso daga x = 1 zuwa baya, amsar da kake nema ita ce mai hauhawa. Amma da a ce bakin biyu duk suna da zafi, ta kowane ɓangare ka taso sai ka haɗu da matsalar.

Ita hanyar bambanci ba ta da nata aibun?

Tana da su, kuma sun fi ɓuya, domin amsarta takan yi kyau a ido ko da ba daidai ba ce.

Wanda ya fi yawa yana bakin iyaka. A ce bakin sanda an naɗe shi da abin hana fitar zafi, sharaɗin ya zama θ'(1) = 0. Ɗalibi sai ya rubuta (θₙ − θₙ₋₁)/h = 0. Wannan layi ɗaya daraja ta ɗaya gare shi, kuma yana jawo dukkan amsar ƙasa tare da shi. Za ka gane haka idan ka raba h biyu ka ga kuskure ya ragu sau 2 maimakon 4. Gyaransa shi ne a ƙirƙiro ɗigo ɗaya a wajen sanda, a rubuta (θₙ₊₁ − θₙ₋₁)/(2h) = 0, a kuma rubuta ikweshan ɗin a ɗigo na n shi ma.

Na biyu yana zuwa idan akwai gangara a cikin ikweshan, kamar εy'' + y' = 0 da ε ƙarama, irin wanda masu lissafin gudun ruwa a bututu ke haɗuwa da shi. Idan h ta wuce 2ε, rinjayen lambar tsakiya ya ɓace, amsar sai ta riƙa zigzag daga ɗigo zuwa ɗigo. Wannan zigzag ɗin ba daga ruwa yake ba, daga h yake.

Na uku: rage h yana da iyaka. Kana raba bambancin lambobi masu kama da juna da h², don haka kuskuren zagaye lamba yana iya girma kamar 10⁻¹⁶/h² yayin da kuskuren hanya ke raguwa kamar h². Wajen h = 10⁻⁴ suke fara haɗuwa, bayan nan riba ta yi kaɗan. Idan kana son ƙarin daidaito, akwai hanya mai arha wadda Lewis Fry Richardson ya yi amfani da ita tun 1911 a lissafin bangon madatsar ruwa. Tunda ka san kuskure yana raguwa sau 4, haɗa amsoshi biyu ka kashe shi:

(4 × 32.46655 − 32.65306)/3 = 32.4044

Kuskure ya sauko daga 0.0638 zuwa 0.0017 ba tare da ƙarin ɗigo ba. Amma sai ka tabbatar ninkin nan na 4 yana fitowa kafin ka yi wannan, in ba haka ba ɓata amsar za ka yi.

Idan ikweshan ba miƙaƙƙe ba ne fa?

Duk hanyoyin biyu sai sun yi maimaitawa. A harbi, abu ɗaya kake nema, s, da hanyar sikant ko ta Newton. Newton tana ninka yawan alƙaluman da suka yi daidai a kowane zagaye idan ta kusa, sikant tana bin ta a baya da daraja 1.618 amma ba ta buƙatar F'(s). A bambanci kuwa Newton ce a kan dukkan ɗigogi, kowane zagaye matiriks mai layuka uku, kuma sai ka ba ta hasashen amsar gaba ɗayanta. Miƙaƙƙen layi daga wannan iyaka zuwa waccan yakan isa a fara.

A nan harbi yana da wata fa'ida da nake so ƙwarai. Ɗauki y'' = 1.5y², y(0) = 4, y(1) = 1. Amsa ɗaya ita ce y = 4/(1+x)², da s = −8. Amma akwai ta biyu, da s kusan −35.86, wadda take nutsewa ƙasa da sifili kafin ta dawo 1. Idan ka zana F(s) za ka ga ta ratsa sifili sau biyu, ka san amsoshi biyu ne. Newton a kan ɗigogi za ta ba ka wadda hasashenka ya kai ta gare ta, ta yi shiru game da ɗayar. Haɗarin harbi a wannan misali kuma shi ne idan s ta yi girma sosai, y tana gudu zuwa marar iyaka kafin ta kai x = 1, sai F(s) ta zama babu ita sam.

Zai yiwu a ce babu amsa gaba ɗaya?

Zai yiwu, kuma wannan ma ya raba lissafin iyaka biyu da na wurin farawa. y'' + π²y = 0 da y(0) = 0, y(1) = 1 ba shi da amsa, domin duk amsar da ta tashi daga sifili B·sin(πx) ce, ita kuma sifili take komawa a x = 1. Harbi zai nuna maka F(s) kusan a kwance ko me ka sa. Bambanci zai ba ka amsa, amma mai ƙara girma sau huɗu duk lokacin da ka raba h biyu.

A aikin kammala karatu, in rubuta tawa ko in yi amfani da wadda aka riga aka rubuta?

Rubuta duka biyun sau ɗaya da hannunka a kan misalin da ka san amsarsa, ka fitar da jerin kuskure irin na sama. Bayan nan ka koma `solve_bvp` na SciPy ko `bvp4c` na MATLAB. Dukansu ba harbi suke yi ba: suna warware dukkan ɗigogi tare, da daraja ta huɗu, suna kuma ƙara ɗigogi da kansu a inda amsar ke canjawa da sauri, kamar santimita 15 na farko a wayarmu. Suna buƙatar ka mai da ikweshan ɗin zuwa biyu masu daraja ta ɗaya, θ' = u da u' = m²θ, ka kuma ba su hasashen farko. A `solve_bvp` ka duba `status` kafin ka yarda da amsar: 0 na nufin ta kai, 1 na nufin ɗigogin da aka ƙayyade a `max_nodes` sun ƙare ba ta kai ba, kuma ko a hakan za ta miƙo maka lambobi. Sannan ka rage `tol` sau goma ka sake gudanarwa, ka rubuta a rahotonka alƙaluman da ba su motsa ba kawai.